Gidan hayar da muka gada: Yaya ya ce a sayar, ni kuma ina zargin mai kula da shi

Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana gidan haya a Kano mai filat huɗu, kowanne ana biyan naira 1,200,000 a shekara. Magada mu uku ne: Hajiyarmu, Yayana da ni. Ɗan kawunmu ne ke kula da gidan tun Baba yana raye, yana ɗaukar kashi 10 cikin ɗari. Bara ya kawo mana naira 2,460,000 kacal. Ya ce filat ɗaya ya yi wata biyar babu kowa, wani ɗan haya ya tashi da bashin wata uku da bashin wuta na 70,000, an kashe 350,000 wajen fenti da gyara, 220,000 sabon sumo na burtsatse, 80,000 kwashe sokawe, 360,000 albashin maigadi, 60,000 kuɗin ƙasa da harajin ƙaramar hukuma. Dillalai sun taya gidan miliyan 60. Yaya ya ce gidan ba ya kawo komai, a sayar. Ni kuma na san Baba ya gina shi da miliyan 12, kuma zuciyata na raya mini cewa ɗan kawu ne ke cinye mu. Yau wata biyu ba ma magana da Yaya. Mene ne gaskiyar ribar gidan nan?

Wata 'yar'uwa daga Kano

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya gafarta wa mahaifinku, Ya sa abin da ya bari ya zame muku alheri. Na fahimci cewa a idonki wannan gida ba bulo da kwano ba ne kawai, gumin mahaifi ne, shi ya sa duk wanda ya ambaci sayarwa za ki ji kamar ya raina wahalarsa. Amma tambayar da kika yi tambayar lissafi ce, kuma alherin lissafi shi ne yana iya sauke wa zuciya wani nauyin da lallashi ba zai sauke ba. Don haka ki ɗauko alƙalami mu bi shi tare, domin ina so ki iya maimaita shi da kanki a gaban Yayanki ba tare da kin dubi wannan amsa ba.

Adadin da ya zauna miki a rai shi ne naira 4,800,000, wato hayar filat huɗu idan aka haɗa. Idan aka raba wannan da miliyan 60 aka ninka da ɗari, za a sami kashi 8 cikin ɗari, kuma wannan ne adadin da dillali zai faɗa wa mai saye yana murmushi. Sai dai kuɗi ne da ke kan takarda, wanda ba zai shigo hannu ba sai idan kowane filat yana da mutum a ciki tun daga Janairu har Disamba, kowa ya biya a kan lokaci, famfo bai lalace ba, damina ta wuce ba ta taɓa rufi ba, mai kula da gida kuma ya yi aiki saboda Allah. Ban taɓa ganin gidan haya irin wannan ba. Ribar gaskiya ita ce abin da ya rage bayan an cire watannin da ba a karɓi komai ba, an cire ladan mai kula, an cire gyara da sauran ɗawainiya, sannan a raba ragowar da darajar gidan a yau.

Mu fara da watannin da suka tafi a banza. Hanya mafi sauƙi ita ce ki daina kallon gidan a matsayin filat huɗu, ki kalle shi a matsayin wata 48 na haya a shekara, kowane wata naira 100,000. Wata biyar da ƙofa ta kasance a kulle da wata ukun da aka zauna ba a biya ba, duk ɗaya suke a aljihunki: wata takwas, naira 800,000. Saboda haka abin da ya shigo hannun ɗan kawunku naira 4,000,000 ne. Kashi 10 cikin ɗari na wannan shi ne 400,000, kuma idan kika haɗa ɗawainiyar da ya lissafa muku za ki sami 1,140,000. Ki cire su biyun daga miliyan huɗu, abin da zai rage shi ne 2,460,000, daidai da abin da ya miƙa muku, ko kwabo bai ɓace ba.

A nan akwai wani ɗan abu da nake so ki lura da shi, domin shaida ce a gare shi. Ya ɗauki ladansa ne daga abin da ya karɓo, ba daga abin da ya kamata a karɓa ba. Da ya lissafa a kan 4,800,000 da 480,000 ya ɗauka, kuma masu kula da gidaje da yawa haka suke yi ba tare da mai gida ya ankara ba. Wannan bai tabbatar da cewa kowane adadi da ya faɗa gaskiya ne ba, lissafi na iya daidaita a kan alƙaluman da aka ƙara musu gishiri. Amma giɓin da ya tsorata ki, tsakanin miliyan 4.8 da miliyan 2.46, giɓi ne da gidan haya ke iya haifarwa shi kaɗai ba tare da hannun ɓarawo ba. Zan dawo kan yadda za ki tantance.

Idan aka raba 2,460,000 da miliyan 60, ribar bara ta zama kashi 4.1 cikin ɗari. Na san za ki ce a raba da miliyan 12 da aka kashe wajen ginin, wanda zai ba da sama da kashi 20, amma wannan lissafin dokin Rano ne. Miliyan 12 na shekarun baya labari ne na yadda mahaifinku ya yi dabara a lokacinsa. Tambayar da ke gabanku yau ita ce: ga dukiya da za a iya mayar da ita kuɗi miliyan 60, nawa take haifar muku a shekara idan kuka bar ta yadda take? Kowace shekara da kuka ƙi sayarwa, tamkar kun sake sayen gidan ne a farashin wannan shekarar. Gyara ɗaya kawai za a iya yi wa wannan adadi, shi ne a cire la'adar dillali da kuɗin takardu, domin ba miliyan 60 cif za ku riƙe ba. Idan la'adar ta kai kashi 5 cikin ɗari, miliyan 57 za su rage, ribar kuma ta ɗan ɗaga zuwa kusan kashi 4.3. Ki kuma tuna tayin dillali ba ciniki ba ne. Kafin ku ɗora wata shawara a kan wannan adadi, ku biya ƙwararren mai kimanta gidaje wanda ke da rajista ya rubuta muku ƙimar gidan, ko aƙalla ku binciki farashin da aka sallama gidaje makamantansa a unguwar, ba farashin da masu su suka sa ba.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure, kuma nan nake so mu daɗe. Shekara ɗaya ba ta isa a yanke wa gida hukunci ba, domin ɗawainiyar gida ba ta zuwa daidai wa daida kowace shekara. Akwai wadda ke zuwa kullum, kamar albashin maigadi da kwashe sokawe da kuɗin ƙasa, waɗanda a gidanku suka kama 500,000. Akwai kuma wadda ke yin shiru shekaru sannan ta faɗo gaba ɗaya. Sumon da aka saya bara ba kuɗin bara kaɗai ba ne. Idan muka ɗauka zai yi shekara huɗu, to nauyinsa 55,000 ne a kowace shekara. Wannan ya rage wa bara nauyi. Amma akwai abubuwa biyu da babu su ko kaɗan a lissafin bara, kuma suna nan tafe. Na farko rufi: kwano yana tsatsa, gara tana cin katako, kuma alamar farko ita ce tabon ruwa mai launin shayi a kusurwar silin bayan ruwan Agusta. Mu ɗauka sauya rufin gidan zai ci miliyan 6 kuma ana yinsa sau ɗaya a shekara ashirin, kin ga 300,000 ke nan duk shekara, ko an ga kafinta ko ba a gan shi ba. Na biyu fentin waje da filasta da gyaran katanga da magudanar ruwa. Idan suna cin miliyan 1.5 duk shekara biyar, wata 300,000 ce. Waɗannan alƙaluma misali na ba ki, ki kira kafinta da magini su auna gidan su ba ki nasu a farashin yau, kuma ki riƙa sabunta su duk shekara, tunda kuɗin siminti da kwano ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Mu gwada shekara matsakaiciya da wannan ma'auni. A ce maimakon wata takwas, wata huɗu ne kawai ke salwanta, sai a karɓi 4,400,000. A cire ladan mai kula 440,000, a cire ɗawainiyar kullum 500,000, a cire 350,000 na shirya filat ɗaya idan ana samun ɗan haya ɗaya da ke tashi duk shekara, sannan a ware 655,000 na sumo da rufi da fentin waje. Abin da zai rage shi ne 2,455,000. Kin ga ya sake komawa kashi 4.1 cikin ɗari. Wato bara ba shekarar tsautsayi ba ce da za a ce ta wuce. Haka gidan yake. Akwai ma abin da ya fi wannan: kuɗin da kuka raba bara ya haɗa da kuɗin rufin da ba ku ware ba, don haka wani ɓangare na abin da kuka ci ba riba ba ce, jikin gidan kuka gutsura. Adadin wata huɗun nan ma bai kamata ya tsaya a matsayin zato ba. Ki nemi tarihin shekara uku, wato wata 144, ki ƙirga nawa aka biya a cikinsu, sai ki yi aiki da abin da kika samu.

To ina Yayanki ya tsaya a cikin wannan? Ina ganin ya fi ki kusa da gaskiya a kan riba, kuma yana da kyau ki dubi abin daga kujerarsa. Idan ku uku ne kaɗai magada, Hajiya tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, ragowar kuma yana ɗaukar biyu kina ɗaukar ɗaya, don haka rabonsa a gidan ya kai miliyan 35, amma abin da ya shiga hannunsa bara 1,435,000 ne, ƙasa kaɗan da naira 120,000 a wata. Magidanci mai iyali da kuɗin makaranta, wanda ya san yana da dukiyar miliyan 35 amma wannan ne ke shigo masa, ba sai ya zama marar kishin mahaifinsa ba kafin ya ƙosa. Ki tambaye shi ko akwai wata buƙata da ta taso masa, domin sau da yawa wanda ya ce a sayar da gida abin da yake nufi shi ne yana cikin matsi kuma nauyin faɗa yake ji, musamman ga ƙanwarsa.

Amma bai riƙe gaskiyar duka ba, domin cewa gidan ba ya kawo komai ya tsallake rabin labarin. Gida yana biyan mai shi ta hanya biyu: hayar da ke shigowa, da darajar da ke tashi. Ki ɗauki sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci da gwamnati ke sayar wa jama'a, a matsayin abin kwatance, tunda hanya ce da babu kuɗin ruwa a cikinta. Wanda aka fara fitarwa a 2017, na naira biliyan 100 na tsawon shekara bakwai, ya biya kashi 16.47 cikin ɗari a shekara, wato ninki huɗu na ribar gidanku. Sai dai da wa'adin ya cika a 2024, an mayar wa kowa uwar kuɗinsa ne adadin da ya zuba, alhali dalar da ake saye kusan naira 360 a kasuwar canji a ƙarshen 2017 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin ɗari a shekarar ta 2024. Wanda ya cinye ribarsa duka a hanya, ya karɓi kuɗin da ba za su sayi rabin abin da suke saya da ba. Gidanku kuwa ya tashi daga miliyan 12 zuwa miliyan 60. Ba na so ki mayar da wannan makamin da za ki rufe bakin Yaya, domin yawancin tashin nan faɗuwar naira ce ba ƙarin arziki ba, kuma darajar da ke kan takarda ba ta biyan kuɗin asibiti sai an sayar. Abin da nake nufi shi ne a ajiye lissafin biyu gefe da gefe, kada a cakuɗa su, sannan a tambayi Yaya ainihin inda zai zuba kuɗin, a yi wa wancan wurin irin tankaɗen da muka yi wa gidan.

Batun ɗan kawu kuwa, ki bi shi a hankali, domin zato zunubi ne, kuma wannan zumunci ne da ya taɓa Hajiya kai tsaye. Tantancewa ba ta buƙatar tuhuma. Ki nemi rasit na sumo da na kayan fenti, ki kwatanta da farashin kasuwa na wancan lokacin. Ki dubi takardar yarjejeniyar ɗan hayan da ya tashi da ta wanda ya shigo, ranakun da ke jikinsu za su nuna ko wata biyar ne da gaske. Idan filat ɗin yana da mitar wutarsa, ita ma shaida ce, domin filat da babu kowa ba ya shan wuta. Ki tambayi maigadi albashinsa cikin hira. Abu ɗaya da nake so ki bincika musamman shi ne ko yana karɓar la'ada daga hannun sabon ɗan haya, kamar yadda aka saba. Ba laifi ba ne, amma yana nufin shi yana samu idan ɗan haya ya tashi wani ya shigo, ku kuma asara kuke yi, don haka gara kowa ya san da zancen. Inda nake ganin yana da abin amsawa shi ne wata ukun bashi. A garin da ake biyan hayar shekara tun kafin a shiga, mutum ba ya tara bashin wata uku sai an bar wa'adinsa ya ƙare ba a tuntuɓe shi ba. Wannan sakaci ne ko jin kunya, ba lallai cin amana ba, kuma maganinsa tsari ne: a rubuta wa ɗan haya tunatarwa wata uku kafin wa'adinsa ya cika, a kuma fara neman wani tun ranar da ya ce zai tashi, ba ranar da ya miƙa makulli ba.

Watakila wani zai ce a ƙara kuɗin haya kawai a huta. A yi lissafi tukuna. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kan filat ɗaya 120,000 ne a shekara. Idan ƙarin ya kori ɗan haya mai biya a kan lokaci, filat ɗin ya yi wata uku a kulle, an rasa 300,000, a ƙara 350,000 na fenti da gyara, asarar ta zama 650,000, kuma sai ƙarin ya yi sama da shekara biyar kafin ya cike ta. Idan hayarku tana ƙasa da ta maƙwabta ƙwarai, a ƙara, amma da sanarwa tun da wuri kuma a hankali. Wuraren da za ku fi samun sauƙi su ne rage watannin banza, tunda kowane wata ɗaya da aka ceto 90,000 ne bayan ladan mai kula, da sa wa kowane filat mitarsa mai kati don kada wani ya sake barin muku bashin wuta, da karɓar kuɗin ajiya na ɓarna daga sabon ɗan haya, da kuma tattaunawa da 'yan haya su ɗauki wani kaso na albashin maigadi da kwashe sokawe a lokacin sabunta yarjejeniya. Idan aka yi waɗannan duka, ribar na iya matsawa kusa da kashi 5 cikin ɗari. Ba zan yi miki alkawarin kashi 8 ba.

Shawarata ita ce ki fara zuwa wurin Hajiya, domin ba ki faɗa mini ra'ayinta ba, alhali mai yiwuwa ita ce ta fi dogara da wannan haya, kuma ita ce gabar 'ya'yanta ta fi ci wa rai. Daga nan ki taka da ƙafarki zuwa gidan Yaya da takardar lissafin nan, ki fara da faɗa masa inda ya yi gaskiya. Ki nemi ya ba gidan shekara ɗaya a ƙarƙashin sabon tsari: asusun banki guda na gidan wanda 'yan haya za su riƙa biya kai tsaye, ɗan kawu ya karɓi ladansa daga can, duk gyaran da ya wuce wani adadi da za ku yanke sai da amincewar biyu daga cikinku, kuma a ware kuɗin manyan gyare-gyare kafin a raba ko sisi. Ki gabatar wa ɗan kawu da wannan a matsayin abin da magada uku ke buƙata don kauce wa saɓani a tsakaninsu, wanda kuma gaskiya ne.

Idan Yaya ba zai iya jira ba, haƙƙinsa ne ya nemi rabonsa, kuma ba za ki iya tsare shi a cikin tarayyar da ba ya so ba. Amma sayar wa bare ba ita ce kaɗai mafita ba. A fiƙihun Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato ya fi wani cancantar karɓar rabon da aka sayar a kan farashin da aka sayar da shi, don haka ke da Hajiya kuna iya sayen nasa, gaba ɗaya ko wani sashe, idan ya yarda a biya shi kashi-kashi. Haka nan tunda filat huɗu ne, ana iya kimanta kowanne a raba su, a cike bambanci da kuɗi, sai dai wannan yana buƙatar malamin da ya san rabon gado da lauyan da zai duba yadda takardar mallaka za ta kasance. Kafin ki ɗauki nauyin sayen rabonsa, ki sake duban wannan kashi 4.1, ki tambayi kanki ko za ki zuba miliyan 35 a gidan da ke kawo haka da a ce ba Baba ne ya gina shi ba. Idan amsar a'a ce amma duk da haka kina so, babu laifi, kuɗinki ne kuma mahaifinki ne, sai dai kada ki ci bashi don yin hakan, domin hayar gidan ba za ta iya biyansa ba.